Yadda ake nemo aigenbalu da aigenbekta na matiriks mai layi biyu da ginshiƙi biyu

Tambayar da ɗalibai suka fi maimaita mini a kan matiriks ita ce wannan: "Malam, na san ƙa'idar, amma duk sanda na zo neman aigenbekta sai komai ya koma sifili, ko kuma amsata ta saɓa da ta littafi. Ina nake kuskure?" Sau da yawa in na karɓi takardar na duba, sai in tarar kuskuren ba a wajen aigenbekta yake ba. Tun a sama aka yi shi, wajen wata alamar debewa da ta salwanta, ba a kuma tsaya an bincika ba. Saboda haka zan bi aikin daki-daki da misali guda, in nuna inda ya kamata a tsaya a duba kafin a wuce.

Abin da muke nema a taƙaice shi ne wannan. Matiriks A yana karɓar bekta ya mayar da ita wata bekta, kuma yawanci yakan karkatar da ita zuwa wata fuska. Amma akwai wasu bektoci da ba ya iya karkatarwa, sai dai ya miƙe su, ko ya gajarta su, ko ya juya su baya a kan layinsu. Su ne aigenbekta. Lambar da ya ninka su da ita kuwa ita ce aigenbalu, ana rubuta ta da harafin λ, wanda ake kira lamda. A rubuce:

```
Av = λv,   v ≠ (0, 0)
```

Matiriks ɗin da za mu yi aiki da shi shi ne:

```
A = | 4    2 |
    | 3   −1 |
```

In ka ba shi bekta (1, 1) zai ba ka (6, 2), wadda ta kauce wa layin (1, 1) gaba ɗaya. In kuwa ka ba shi (2, 1) zai ba ka (10, 5), wato (2, 1) sau biyar. Ke nan (2, 1) aigenbekta ce, 5 kuma aigenbalu ɗinta. Aikin da ke gabanmu shi ne gano irin waɗannan ba tare da canke ba.

Kayan aiki ba su da yawa: takarda mai fili, fensir da magogi, sai kalkuleta idan sikwaya-rut ɗin bai fita daidai ba. Abin da aikin yake ci lokaci ne kawai. Wanda hannunsa ya faɗa zai gama cikin 'yan mintuna, sabon shiga kuwa ya ba kansa wajen rubu'in awa, kada ya yi gaggawa. Ana bukatar ka riga ka iya warware lissafin kwadiratik da ninka matiriks da bekta.

Mataki na 1: Sa wa lambobin suna, ka debe λ daga dayagonal

Rubuta matiriks ɗinka da haruffa huɗu: a da b a layin sama, c da d a layin ƙasa. A namu a = 4, b = 2, c = 3, d = −1. Rubuta d tare da alamar debewarsa tun yanzu, domin ita ce za ta nemi ɓacewa nan gaba. Dayagonal shi ne layin da ya tashi daga kusurwar sama ta hagu zuwa kusurwar ƙasa ta dama, wato a da d. Daga waɗannan biyun kaɗai ake debe λ:

```
A − λI = | 4 − λ      2     |
         | 3         −1 − λ |
```

Harafin I yana nufin matiriks mai 1 a dayagonal da sifili a sauran gurabe biyun. In an ninka shi da λ sai λ ta zauna a dayagonal kawai, shi ya sa b da c ba sa motsi.

Gargaɗi: kada ka debe λ daga duka lambobi huɗun. Alamar wannan kuskure a fili take, domin a mataki na gaba λ² za ta kashe kanta, ka rage da lissafi marar sikwaya. Matiriks biyu-da-biyu kuwa dole ne ya ba da λ². In ba ka gan ta ba, koma nan.

Mataki na 2: Fitar da folinomiyal ɗin

Yanzu a nemi ditaminan na A − λI, a daidaita shi da sifili. Dalilin yana da sauƙi, kuma ya kamata ka riƙe shi domin da shi za mu kama kuskure daga baya. In an mayar da komai na Av = λv ɓangare ɗaya, (A − λI)v = 0 ake samu, wato muna son (A − λI)v ya zama sifili alhali v ba sifili ba ce. Matiriks ba ya iya murƙushe bekta mai tsawo ta koma sifili sai idan ditaminan ɗinsa sifili ne, wato sai idan layukansa biyu magana ɗaya suke yi, ɗaya ninkin ɗaya ne.

Ditaminan na biyu-da-biyu shi ne ninkin dayagonal, a debe ninkin sauran biyun:

```
(4 − λ)(−1 − λ) − (2)(3) = 0
```

Buɗe bakar a hankali, kashi huɗu ne: 4 sau −1 ya ba da −4; 4 sau −λ ya ba da −4λ; −λ sau −1 ya ba da +λ; −λ sau −λ ya ba da +λ². In an tattara, λ² − 3λ − 4 ke nan. Sai a debe 6:

```
λ² − 3λ − 10 = 0
```

Ɓangaren hagu shi ne folinomiyal mai siffanta matiriks ɗin, wanda littattafai ke rubutawa det(A − λI). Akwai gajeriyar hanya zuwa gare shi, kuma ni na fi son ɗalibi ya yi amfani da ita wajen tantance doguwar. Haɗa lambobin dayagonal, a + d, ka sami abin da ake kira tires, ana rubuta shi tr(A). Sannan nemi ditaminan na A kansa, ad − bc. Kowane matiriks biyu-da-biyu folinomiyal ɗinsa haka yake:

```
λ² − tr(A)·λ + det(A) = 0
```

A namu tires 4 + (−1) = 3 ne, ditaminan kuma (4)(−1) − (2)(3) = −4 − 6 = −10. Ga shi sun yi daidai da abin da muka samu.

Gargaɗi na farko: alamar da ke gaban tires debewa ce, ta gaban ditaminan kuwa tarawa. Wanda ya rubuta λ² + 3λ − 10 zai sami −5 da 2, wato amsoshin gaskiya da alamominsu a juye.

Gargaɗi na biyu ya fi haɗari. Mutum ya ga −4 a gaba, hannunsa ya zame ya rubuta −4 + 6, ya sami ditaminan 2. Folinomiyal ɗinsa zai zama λ² − 3λ + 2, wanda yake rabuwa sumul ya ba da 1 da 2. Amsa ce mai kyan gani, kuma kyanta ne yake sa mutum ya saki jiki. Za mu sake haɗuwa da wannan kuskure a mataki na uku da na huɗu, mu ga inda asirinsa yake tonuwa.

Mataki na 3: Warware kwadiratik ɗin

Fara gwada rabawa. Ana neman lambobi biyu da in an haɗa su za su ba da tires, in an ninka su kuma su ba da ditaminan. A nan jimla 3, ninki −10, wato 5 da −2:

```
(λ − 5)(λ + 2) = 0
λ₁ = 5,   λ₂ = −2
```

In rabawa ta ƙi, kada ka ɓata lokaci a kanta. Kira tires T, ditaminan D, ka bi ƙa'idar kwadiratik:

```
λ = ( T ± √(T² − 4D) ) / 2
```

A namu T² − 4D = 9 − 4(−10) = 49, sikwaya-rut ɗinsa 7, sai λ ta zama (3 + 7)/2 = 5 ko (3 − 7)/2 = −2. Lambar nan da ke ƙarƙashin sikwaya-rut ana kiranta diskiriminan, kuma ita take faɗa maka irin aikin da ke jiranka. In ta fi sifili, aigenbalu biyu ne mabambanta, kowace da layinta. In sifili ce, aigenbalu ɗaya ce ta maimaitu. In ta gaza sifili, babu amsa a cikin lambobin da muka saba da su. Zan zo kan na biyu da na uku a ƙasa.

Binciken da kowa ya sani shi ne a haɗa amsoshin a ga ko sun ba da tires, a ninka su a ga ko sun ba da ditaminan. 5 + (−2) = 3, kuma 5 × (−2) = −10. Wannan yana kama wanda ya juya alamomi, domin −5 + 2 zai ba shi −3 maimakon 3. Amma ba ya kama wanda ya ɓata ditaminan tun farko. Mai amsa 1 da 2 zai haɗa ya sami 3, ya ninka ya sami 2, wanda shi ne gurɓataccen ditaminan ɗinsa, ya ga komai ya yi daidai. Da kuskurensa ya auna kuskurensa.

Shi ya sa nake son a ƙara wani bincike da bai biyo ta kan ditaminan ba. Ana iya samun diskiriminan kai tsaye daga lambobin matiriks:

```
T² − 4D = (a − d)² + 4bc
```

A namu (4 − (−1))² + 4(2)(3) = 25 + 24 = 49. Wanda ya ɗauko D = 2 diskiriminan ɗinsa 9 − 8 = 1 ne, kuma da zarar ya ga 49 a nan ya san akwai gyara. Layi ɗaya ne na rubutu, amma yana ceton rabin shafi.

Mataki na 4: Mayar da λ cikin matiriks, ka dubi layukan kafin komai

Wannan shi ne matakin da na fi damuwa da shi a duk aikin. Kowace aigenbalu ana yi mata aikinta daban. Ɗauki λ = 5, ka debe ta daga dayagonal:

```
A − 5I = | −1    2 |
         |  3   −6 |
```

Kada ka fara warware komai tukuna. Dubi layukan biyu. Layin ƙasa (3, −6) shi ne layin sama (−1, 2) sau −3. Haka ake so. Mun zaɓi λ ne musamman domin ditaminan ya zama sifili, to dole layukan su zama ninkin juna, ko ɗaya daga cikinsu ya zama sifili zalla. In ba su zama haka ba, λ ɗinka ce ba daidai ba, ko kuma ka yi kuskure wajen debe ta.

Gwada da mai amsa 1. A − 1I zai ba shi layin sama (3, 2) da layin ƙasa (3, −2). Babu lambar da za ka ninka na farko da ita ka sami na biyu. In ya nace ya warware 3x + 2y = 0 da 3x − 2y = 0 tare, abin da zai samu shi ne x = 0 da y = 0. To wannan shi ne "komai ya koma sifili" da ake kawo mini kuka a kai. Bekta (0, 0) ba ta taɓa zama aigenbekta, domin kowane matiriks yana mayar da ita sifili, ba ta nuna wata fuska. In ka tsinci kanka a wurin, kada ka rubuta ta a matsayin amsa, koma mataki na biyu ka sake ditaminan.

Yanzu λ = −2. A nan ne ake yawan zamewa, domin debe −2 daidai yake da ƙara 2. Rubuta shi da baka: 4 − (−2) = 6, kuma −1 − (−2) = 1.

```
A + 2I = | 6   2 |
         | 3   1 |
```

Layin sama ninkin na ƙasa ne sau biyu. Wanda ya manta ya debe 2 kawai zai sami (2, 2) da (3, −3), kuma layukan za su nuna masa nan take cewa ba haka ba ne.

Mataki na 5: Ciro aigenbekta daga layi ɗaya

Tunda layukan magana ɗaya suke yi, guda ya ishe ka. Zaɓi wanda lambobinsa suka fi sauƙi. Ga λ = 5, layin sama yana cewa −x + 2y = 0, wato x = 2y. Lissafi ɗaya ne da abubuwa biyu da ba a sani ba, saboda haka ba zai ba ka amsa guda tilo ba, kuma wannan ba aibi ba ne. Kai za ka zaɓi ɗaya. Sa y = 1, sai x = 2:

```
v₁ = (2, 1)
```

Ga λ = −2, layin ƙasa yana cewa 3x + y = 0, wato y = −3x. Sa x = 1:

```
v₂ = (1, −3)
```

Akwai dabarar da take rage rubutu. In layin da ka zaɓa (p, q) ne, musanya gurbin lambobin ka juya alamar ɗaya, ka sami (q, −p). Daga (−1, 2) ka sami (2, 1). Daga (3, 1) ka sami (1, −3). Tana aiki ne domin p sau q a debe q sau p sifili ne a kullum.

Gargaɗi: layin kansa ba shi ne aigenbekta ba. Na sha ganin an kwafi (−1, 2) an ajiye a matsayin amsa, ko an musanya gurbi an manta da alama, ko an juya alamar duka biyun. In ka yi shakka, mayar da bektar cikin layin ka ga ko za ta ba da sifili: −1(2) + 2(1) = 0.

Wani abin da ke tayar wa ɗalibai hankali shi ne su sami (2, 1), littafi ya ce (4, 2) ko (−2, −1) ko (1, 0.5). Duk daidai ne. Aigenbekta layi take wakilta, kowane ninki nata da ba na sifili ba aigenbekta ne na wannan λ ɗin. Don sanin ko taka da ta littafi ɗaya ne, raba x da y a kowace ka kwatanta. In an ce lallai tsawonta ya zama 1, sai ka raba ta da tsawonta. Tsawon (2, 1) shi ne √(4 + 1) = √5, sai ta zama kusan (0.894, 0.447). Ta biyun tsawonta √10, sai ta zama kusan (0.316, −0.949). In ba a nemi haka ba, bar ta da cikakkun lambobi, ta fi sauƙin bincike.

Gargaɗi game da layin da ya zama sifili zalla: kada ka ciro bekta daga gare shi. Ɗauki matiriks mai layin sama (2, 0) da layin ƙasa (1, 3). Da yake akwai sifili a gurbin b, aigenbalu ɗinsa su ne lambobin dayagonal, 2 da 3, ba sai an sha wahala ba. In ka debe 2, layin sama ya koma (0, 0), wanda ba ya faɗin komai. Layin ƙasa (1, 1) shi ne mai magana, ya ba da (1, −1). In kuma ka debe 3, layukan su ne (−1, 0) da (1, 0), duka suna cewa x = 0, ba su ce komai a kan y ba. Ke nan y tana da 'yancin zama kowace lamba, aigenbekta ita ce (0, 1). Sifili ɗaya a cikin bekta ba laifi ba ne, duka biyun ne ba a yarda su zama sifili ba.

Mataki na 6: Tabbatar da amsar da matiriks na asali

Ninka A na asali, ba wanda aka debe wa λ ba, da kowace bekta:

```
A(2, 1)  = (4·2 + 2·1,  3·2 − 1·1)  = (10, 5) =  5·(2, 1)
A(1, −3) = (4·1 − 2·3,  3·1 + 1·3)  = (−2, 6) = −2·(1, −3)
```

Duka sun tsaya. Wannan binciken ba ya dogara da kowane mataki na baya, saboda haka in ya fita daidai, aikin ya inganta. Lura da ma'anar −2 a nan: matiriks ɗin ya ninka tsawon (1, −3) sau biyu, ya kuma juya ta tana kallon baya, amma tana nan a kan layinta.

Wajen rubuta amsa, haɗa kowace bekta da λ ɗinta a fili. Rubuta 5 da −2 a gefe guda, bektoci a wani gefe ba tare da nuna wace ce ta wace ba, rabin amsa ne.

Idan sikwaya-rut bai fita daidai ba

Matakan ba sa canzawa, amma binciken layuka yana bukatar kula. Ɗauki matiriks mai layin sama (1, 1) da layin ƙasa (1, 0). Tires 1, ditaminan −1, diskiriminan 5, sai λ = (1 ± √5)/2, wato kusan 1.618 da −0.618. Wanda ya yi saurin taƙaita ta farko zuwa 1.62 zai sami layuka (−0.62, 1) da (1, −1.62). Ditaminan ɗinsu 1.0044 − 1 = 0.0044 ne, ba sifili cif ba. In ya warware layukan biyu tare kamar lissafi biyu mabambanta, (0, 0) zai samu, alhali bai yi wani kuskure ba face taƙaitawa. Mafita ita ce a riƙe √5 yadda yake har ƙarshe, a kuma ciro bektar daga layi ɗaya. Layin sama (1 − λ, 1) yana ba da (1, λ − 1), wato kusan (1, 0.618) ga ta farko da (1, −1.618) ga ta biyu. Bambancin 0.0044 na taƙaitawa ne. Da kuskuren alama ne, da ba zai tsaya ƙarami haka ba.

Wannan matiriks yana da b daidai da c. Duk mai irin wannan siffa diskiriminan ɗinsa (a − d)² + 4b² ne, wanda ba ya taɓa gaza sifili, kuma aigenbektocin λ biyu mabambanta suna haɗuwa a kusurwar digiri 90. Ga ƙarin bincike kyauta ke nan: ninka x da x, y da y, ka haɗa, ya kamata ka sami sifili. A nan 1 × 1 + 0.618 × (−1.618) ya ba da kusan sifili. Amma kada ka nemi wannan a matiriks da b da c suka bambanta. A misalinmu na farko 2 × 1 + 1 × (−3) = −1 ne, kuma babu abin da ya ɓaci.

Idan diskiriminan sifili ne

A nan hanya ta rabu biyu, kuma folinomiyal kaɗai ba zai faɗa maka wacce kake kai ba. Matiriks mai layuka (1, 1) da (−1, 3) yana da tires 4 da ditaminan 3 + 1 = 4. Folinomiyal ɗinsa λ² − 4λ + 4, wato (λ − 2)², λ = 2 sau biyu. In ka debe 2 ka sami layuka (−1, 1) da (−1, 1), aigenbekta (1, 1). Ita kaɗai ce. Kada ka wahalar da kanka neman ta biyu, kuma kada ka rubuta (2, 2) ka ce ita ce, domin layi ɗaya suke. Matiriks ɗin layi guda ne kawai yake bari ba karkata.

Shi kuwa matiriks mai layuka (2, 0) da (0, 2) folinomiyal ɗinsa wannan ɗin ne dai, amma in ka debe 2 duka gurabe huɗun sifili suke zama. Babu sharaɗi a kan x ko y, ke nan kowace bekta da ba sifili ba aigenbekta ce. Akan rubuta (1, 0) da (0, 1) su wakilci sauran. Saboda haka in λ ta maimaitu, rubuta A − λI ka gani da idonka: in sifili ne baki ɗaya, kowace fuska ta yi, in akwai ko lamba ɗaya da ta rage, layi ɗaya ne.

Idan diskiriminan ya gaza sifili

Kafin ka yarda, sake lissafa shi ta hanyar (a − d)² + 4bc. Ba zai gaza sifili ba sai b da c suna da alamomi mabambanta, don haka in duka biyun alamarsu ɗaya ce kuma ka sami lamba ƙasa da sifili, kuskure ne. In kuwa ya tabbata, ma'anarsa ita ce matiriks ɗin yana karkatar da kowace bekta da ke kan takarda, babu wadda ta tsira. Misali mafi sauƙi shi ne mai layuka (0, −1) da (1, 0), wanda yake juya kowace bekta da digiri 90. Tires 0, ditaminan 1, folinomiyal λ² + 1 = 0.

In tambayar ta tsaya ga lambobin da muka saba, amsar ita ce babu aigenbalu, sai ka nuna diskiriminan −4 a matsayin hujja. In kuma an yarda da i, wadda i² = −1, to λ = i da λ = −i, kuma matakan nan dai za ka bi. Debe i daga dayagonal, layukan su zama (−i, −1) da (1, −i). A ido ba su yi kama da ninkin juna ba, amma ninka na ƙasa da −i za ka sami na sama. Layin ƙasa yana cewa x − iy = 0, sa y = 1 ka sami (i, 1). Bincike: A(i, 1) = (−1, i), kuma i sau (i, 1) shi ma (−1, i) ne. Ga λ = −i ba sai ka sake aiki ba. Matuƙar lambobin matiriks na asali babu i a cikinsu, juya alamar i kawai a bektar farko, ka sami (−i, 1).

In kana son gwadawa da kwamfuta

Mai Python da NumPy zai iya duba aikin hannunsa da wannan:

```python
import numpy as np
A = np.array([[4, 2], [3, -1]])
w, v = np.linalg.eig(A)
print(w)
print(v)
```

Aigenbalu suna cikin `w`, kuma ba a yi alkawarin za su zo a jere daga babba zuwa ƙarama ba. Aigenbektoci suna cikin `v`, amma a tsaye ake karanta su, ginshiƙi-ginshiƙi: `v[:, 0]` ita ce ta `w[0]`, `v[:, 1]` kuma ta `w[1]`. Wanda ya karanta su a kwance zai ɗauko rabin wannan ya haɗa da rabin waccan, ya zaci aikin hannunsa ne ya ɓaci. An kuma riga an mayar da tsawon kowace 1, saboda haka maimakon (2, 1) za ka ga 0.894 da 0.447, maimakon (1, −3) kuma 0.316 da −0.949, wataƙila da alamomin duka biyun a juye. Raba ta sama da ta ƙasa a ginshiƙin λ = 5, za ka sami 2, kamar yadda x = 2y ya faɗa a mataki na biyar.